Wane Gida Ruwa Zai Shiga? Yadda Ake Zana Taswirar Ambaliya Ta Unguwa

Kowace shekara, kafin damina ta kankama, hukumar NIHSA mai lura da al'amuran ruwa a Nijeriya takan fitar da hasashen ambaliya, ta lissafo jihohi da ƙananan hukumomin da ake jin ruwa zai yi wa ɓarna. Hasashen yana da amfani ga gwamna da hukumar agajin gaggawa. Mai unguwar da ke da gidaje ɗari uku a ƙarƙashinsa kuwa, abin da yake son sani daban ne: a cikin ɗari ukun nan, wane gida ne ruwa zai shiga, ta ina zai shiga, zai kai ina a jikin bango, kuma kwana nawa zai yi kafin ya janye. Wannan amsa ba ta zuwa daga Abuja. A cikin unguwar ake haɗa ta, daga abubuwa uku: awon da aka yi a ƙofar kowane gida, bayanan tudu da kwari na ƙasar, da abin da mazauna suka gani da idonsu.

Abin da ya sa aikin yake buƙatar tsari shi ne, a garuruwan da ƙasarsu take shimfiɗe kamar Kano da Haɗejiya da Maiduguri, tazarar da ke tsakanin gidan da ruwa ya ci da wanda ya tsira sau da yawa ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Duk kayan aikin da ba zai iya ganin taƙi ɗaya ba, to ba zai iya raba maka gida da gida ba, komai tsadarsa. Da wannan ma'auni za a auna kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan uku.

Abin da tauraron ɗan'adam yake gani, da abin da ba ya gani

Akwai bayanan tsayin ƙasa na kusan duk duniya da ake saukewa kyauta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe shi ne SRTM, wanda kumbon Amurka ya auno da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairu na 2000. Akwai kuma Copernicus GLO-30 na Tarayyar Turai, wanda aka haɗa daga awon da taurarin Jamus suka yi tsakanin 2011 da 2015, ya kuma fi na farko daidaito. Dukansu sun yanka doron ƙasa gida-gida, kowane gida mita 30 a tsaye, mita 30 a kwance, suka ba kowanne lamba guda ɗaya wadda ita ce tsayinsa.

A nan matsalar take. Mita 30 sau mita 30 murabba'in mita 900 ke nan. Fulotin ƙafa hamsin-hamsin bai wuce murabba'in mita 230 da ɗoriya ba, wato gidaje kusan huɗu za su shige cikin lamba ɗaya, har da lungun da ke tsakaninsu da kwatar da ta ratsa shi. Sannan radar ba ta san bambancin ƙasa da rufin kwano ko kan darbejiya ba, abin da ta fara cin karo da shi take aunawa, don haka unguwa mai cunkoson gidaje takan fito kamar tudu. Akwai wani gyararren zubi mai suna FABDEM da masu bincike a Jami'ar Bristol suka fitar, wanda aka yi ƙoƙarin cire gine-gine da itatuwa daga cikinsa. Ya rage matsalar, amma kuskuren mita ɗaya ko biyu a cikin gari ba abin mamaki ba ne ko a wurinsa. Kuma duk cikon da aka yi bayan 2015, da duk titin da aka ɗaga, babu labarinsu a ciki.

To a watsar da shi ke nan? A'a. Aikinsa ne daban. Idan aka buɗe shi a manhajar QGIS, wadda ita ma kyauta ce, yana nuna inda ƙasar gari ta karkata gaba ɗaya, da hanyar da ruwa yake bi daga unguwannin sama, da faɗin yankin da ruwansa yake taruwa a kanku. Wannan lissafi yana buɗe ido. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan hekta ɗaya lita dubu goma ce. A ce hekta 20 ne ke zubo muku ruwa, aka yi ruwan milimita 60 a dare ɗaya, irin wanda akan yi a watan Agusta. Lita miliyan 12 ta sauka ke nan. Idan ƙasa ta shanye kashi biyu cikin biyar, saura lita miliyan 7 da 'yan kai suna neman wurin zama. Kududdufi mai faɗin mita 50 kowane gefe, da ke da sauran zurfin mita uku, zai haɗiye wannan ruwa duka. Idan an cike shi da shara an yanka fuloti, ruwan ba ya fasa zuwa, gidajen da ke wurin yake tararwa.

Shi ya sa kafin a fita ko'ina, yana da kyau a buɗe tsofaffin hotunan sama na Google Earth a koma baya shekara goma sha biyar ko ashirin. A birnin Kano musamman, inda kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini suka yi ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, za ka ga wurin da yau yake layin shaguna jiya ruwa ne kwance da kainuwa. A zana iyakar kowane tsohon kududdufi a kan taswirar. Daga baya za a ga yadda ta yi daidai da gidajen da suka fi kuka.

Ƙusa ɗaya da tiyon magina

Kuskuren da masu sabon hannu suka fi yi shi ne su ɗauki lambar tsayi da wayar hannu take nunawa su rubuta ta a matsayin tsayin gida. GPS na waya, a fili mai sarari, yakan faɗi inda kake da kuskuren mita uku zuwa biyar. A lungu mai dogayen katangu ya fi haka. A wajen tsayi kuwa kuskurensa yakan ninka wannan sau biyu ko uku. Tsaya wuri ɗaya minti biyar kana kallon lambar, za ka ga tana hawa tana sauka alhali ba ka motsa ba. Don haka aikin waya a nan guda ne: ta kai ka kusa da gidan a kan taswira, sannan kai ka dubi hoton sama ka ɗora alamar a kan rufin da ya dace. Kowane gida a ba shi lamba, a rubuta ta da alli ko fenti a gefen ƙofa idan mai gidan ya yarda, ita ce za ta haɗa awo da hira da hoto.

Tsayi kuma da hannu ake auna shi. Idan akwai safiyo a unguwar da zai ba da aron na'urarsa mai ƙafa uku da sandar awo, falillahil hamdu, aikin zai yi sauri. Idan babu, tiyon nan siriri mai haske da magina suke cika wa ruwa don daidaita gini ya wadatar. Ruwan da ke bakin tiyo biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa, ko da akwai kwana ko katanga a tsakani, wanda hakan ma ya sa ya fi dacewa da lungunan da ba a hango ƙarshensu.

Da farko a zaɓi wuri guda da ba ya motsi kuma ba a sa ran za a rushe shi, kamar dakalin siminti na masallacin Juma'a ko gindin tankin ruwa. A kafa ƙusar kankare, a zagaye ta da jan fenti. Ba a buƙatar sanin tsayinta daga teku. A dai sa mata suna mita 100, don kada lissafi ya riƙa faɗawa ƙasa da sifiri, kuma duk wani awo na unguwar daga ita za a ƙirga shi.

Ga yadda ake yi, da lambobi na misali. Mutum ɗaya ya tsaya a kan ƙusar da bakin tiyo ɗaya, ɗayan ya tsaya a dokin ƙofar gida mai lamba 12. Bayan ruwan ya nutsu, na farko ya auna da tef ya ga ruwan tiyo yana santimita 120 sama da ƙusa. Na biyu ya ga ruwan yana santimita 165 sama da dokin ƙofa. Bambancin santimita 45 ne, kuma wanda ya karanta lamba mafi girma shi ne a ƙasa. Dokin ƙofar gida na 12 yana kan mita 99.55 ke nan. Daga nan sai a matsa gaba, a mai da dokin ƙofar ya zama mafari, a auno na gaba.

Tiyo mai tsawon mita 15 zuwa 20 ya isa. Abubuwan da ke ɓata shi sanannu ne ga kowane magini: kumfar iska a ciki, lanƙwasa, wani ya taka shi, ko a manta yatsa a toshe bakinsa. Akwai kuma wanda ba a cika lura da shi ba, wato rabin tiyon yana rana rabi yana inuwa, domin ruwan ɗumi ya fi na sanyi sauƙi, sai ya ɗan ɗara a tsayi. Kafin a fara kowace safiya a haɗa bakin biyu wuri ɗaya a ga ko ruwan ya yi kai ɗaya. Hanyar gane ko an yi kuskure a tafiya ita ce a zagayo a dawo kan ƙusar da aka fara. Idan lissafin ya dawo da kai mita 100, ko ya kauce da santimita biyu zuwa uku, an yi aiki. Idan ya dawo da kai 100.18, akwai inda aka karanta tef ba daidai ba ko aka juya ragi ya koma tari, sai a sake zagayen. Wanda ya tsallake wannan dawowa ba shi da hanyar sanin ko lambobinsa gaskiya ne.

A kowane gida wuri uku ake aunawa: dokin ƙofar zaure, mafi kwarin wuri a tsakar gida, da bakin rariyar da ke fitar da ruwan gidan zuwa kwata. A waje kuma a auna ƙasan kwata a kowace kwana, da bakin kwalbati ta shiga da ta fita, da faɗinta, da yawan yashin da ya cike ta, sannan a bi doron titi a nemo inda ya fi sauka.

Sai shatin ruwa. Shi ne shaida mafi ƙarfi, kuma shi ne mafi saurin ɓacewa, domin da ruwa ya janye ake fara wanki da yaɓe da fenti. Shatin ambaliya na gaskiya layi ne miƙaƙƙe ɗoɗar, sau da yawa da ɓurɓushin ciyawa ko laka a manne da shi. Kada a rikita shi da layin danshi, wanda ke hawa jikin bango daga ƙasa, ya bar fari-fari kamar kanwa, gefensa a karkace, kuma yakan haura inda ruwan ya tsaya, musamman a ginin ƙasa. Shatin bangon waje da ke bakin titi shi ma ba abin dogaro ba ne, saboda kowace mota ta wuce sai ta tura igiyar ruwa sama. Wanda ya fi aminci yana cikin ɗaki, bayan ƙyaure, ko a jikin kabad da ƙafar gado, inda ruwan ya kwanta shiru.

Hirar da ba ta yaudarar kanta

Awo yana faɗin inda ruwa zai iya kaiwa. Yaushe ya zo, daga wane ɓangare, da sauri ko a hankali, kwana nawa ya yi, waɗannan sai bakin mutane. An gwada wannan hanya da faɗi a Darussalam ta Tanzaniya tun daga 2015, a shirin Ramani Huria, inda ɗaliban jami'a suka bi unguwanni tare da mazauna suna tambayar gida-gida ko ruwa ya taɓa shiga da kuma inda ya kai, suna auna magudanai, suna ɗora taswirar a OpenStreetMap.

A wurinmu, abu na farko shi ne izini: a fara da mai unguwa, a nemi liman ya yi sanarwa bayan salla. Abu na biyu, kowace tawaga ta kasance da mace. Maigida yana iya kasancewa a kasuwa lokacin da ruwan ya shigo, ko yana waje yana tare ƙofa da buhun yashi. Wadda ta ɗage tabarmi da buhun hatsi, ta kwashe ruwa da bokiti har asuba, ita ta san ta inda ya ɓullo, kuma namiji baƙo ba zai wuce zaure ya same ta ba. Taswirar da aka haɗa da hirar zaure kaɗai takan cika da labarin titi, ta rasa na tsakar gida.

Abu na uku ya fi wuya. Da zarar an ga mutane da waya da littafi suna rubuta gidaje, rabin unguwa za su ɗauka rajistar tallafi ce, sauran rabin su ɗauka share fagen rusau ne. Na farko zai ƙara wa ruwan tsayi, na biyu zai rantse ko ɗigo bai taɓa shiga gidansa ba. Mai gidan haya da mai niyyar sayarwa su ma suna da dalilin rage magana. Ba a maganin wannan da wayo, sai da faɗin gaskiya tun a bakin ƙofa: ba a raba komai, ba gwamnati ce ta aiko a rushe ba, ga wanda zai riƙe bayanan, kuma wanda bai so ba dole.

Tambayar ma tana da salo. Kada a ce, "Ruwa yana shiga gidan nan sosai, ko?" Wannan an riga an ba da amsa. A ce, "Inna, wace shekara ce ruwa ya fi shigo muku?" Idan ta faɗa, a ce, "Don Allah nuna mana inda ya tsaya." Ta ɗora hannu a bango, a sa tef a auna. Idon sawu da gwiwa da ƙugu suna taimakawa a hira, amma gwiwar dogon mutum ba ta gajere ba ce, kuma wanda ya ce ruwa ya kai masa ƙugu wataƙila a tsakiyar lungu yake tsaye lokacin, ba a ɗakinsa ba. Shekara kuma ba kowa ke riƙe ta da lamba ba. A ɗaura ta da abin da ba a mantawa: shekarar zaɓe, shekarar kullen korona, daminar da aka haifi wane, kafin a yi titin ko bayan an yi shi. Wannan ta ƙarshe takan fi kowace amfani.

Tambayar da ba a tsallakewa ita ce ta ina ruwan ya shigo, domin ambaliya iri-iri ce kuma maganin kowace daban. Akwai wanda ya haura dokin ƙofa daga titi. Akwai wanda ya dawo da baya ta rariya saboda kwata ta cika ta fi tsakar gida tsayi. Akwai wanda ya tsattsafo daga ƙasa, daɓe ya jiƙe, rijiya ta cika har baki, masai ya tumbatsa, alhali ko ɗigo bai shigo ta ƙofa ba. Akwai kuma na kogi, wanda kan zo rana tsaka babu ko hadari. A ƙara da launin ruwan da ƙarfinsa, da awa ko kwanan da ya yi, da irin ginin, da ko akwai tsoho ko maras lafiya ko mai jego da ba zai iya fita da kansa ba. Tambaya goma sha biyu zuwa sha biyar ta isa. Ana iya zuba su a KoboCollect, wadda ke aiki ba tare da intanet ba ta kuma haɗa hoto da wuri, amma a riƙe littafi a gefe saboda caji. Tawaga huɗu ta mutum bibbiyu, kowace tana gama gida goma sha biyu a yini, za su zagaye gidaje ɗari uku cikin mako guda. Awon tiyo ya fi haka cin lokaci.

Inda ukun suke haɗuwa

Mu koma unguwar misalinmu, wadda ke kwance a bayan wani titi da aka ɗaga, ruwanta yana fita ta kwalbati guda. A gida na 12, mai dokin ƙofa a 99.55, an sami shati a bayan ƙyaure santimita 40 sama da dokin. Ruwan ya tsaya a 99.95 ke nan. Aka yi irin wannan lissafi a wasu gidaje goma sha, duk suka faɗo tsakanin 99.92 da 99.98. Wannan dacewa ita ce hujjar cewa tafki ɗaya ne ya kwanta a kansu, domin ruwan da ya taru ya tsaya samansa a miƙe yake. Yanzu ana iya zana layin 99.95 a taswira a ce duk abin da ke ƙasa da shi, kuma ruwa yana da hanyar isa gare shi, ya shiga ruwa a waccan shekara, har gidajen da aka tarar a kulle.

Gida na 31 dokin ƙofarsa yana 100.05, ya fi layin tsayi, amma matar gidan ta ce sun kwana a tsaye. Ba ƙarya ta yi ba. Maigidan ya ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu bayan an yi titi, tsakar gidan kuwa tana nan a 99.70, ruwan ya biyo rariya ya shigo ta baya. Da dokin ƙofa kaɗai aka auna, da an sa gidan cikin waɗanda suka tsira.

Gida na 58 ya fi ban sha'awa. Yana can sama, dokinsa a 100.60, amma an nuna shati santimita 20 a zaure, wato 100.80. Wannan lamba ba ta shiga sahun sauran ba. Kafin a ce mutumin ya ƙara gishiri, a sake awon, a tambayi maƙwabta biyu. Idan ta tabbata, to ruwansa daban ne: mai gudu ne da ke gangarowa ta lungu ya doki ƙofarsa kafin ya sha kwana, ya zo da ƙarfi ya wuce cikin awa ɗaya. Lambar da ta ƙi dacewa ba a goge ta, domin sau da yawa ita ke tona wata hanyar ruwa da ba a sani ba.

Sai babbar tambaya: me ya sa ruwan ya tsaya a 99.95 bai wuce ba? Awon titi ya ba da amsa. Wurin da doron titin ya fi sauka yana 99.90. Kwalbatin, mai faɗin santimita 60, rabinta yashi ne da leda, ba ta iya fitar da abin da ke shigowa, sai ruwan ya yi ta hawa har ya sami bakin titi ya tsallaka. Titin ya zama madatsa. Daga wannan ana fahimtar abu biyu. Ko an yi ruwan da ya fi wancan, tsayin tafkin ba zai ƙaru da yawa ba, sai dai ya daɗe. Amma ranar da aka sake zuba wa titin ciko da kwalta ya ƙaru da santimita 20 ba tare da an faɗaɗa kwalbatin ba, layin zai koma wajen 100.15, gida na 40 mai doki a 100.10, wanda bai taɓa ganin ruwa ba, ya shiga sahu. A ganina wannan shafi guda, mai lambobi huɗu da hoton kwalbati, ya fi doguwar takardar koke tasiri a gaban injiniyan ma'aikatar ayyuka.

Wajen raba gidaje aji-aji, zurfi kaɗai ba ya isa. Ruwan idon sawu da ya kwana uku a gindin katangar ƙasa ya fi hatsari a kan ruwan gwiwa da ya wuce cikin awa biyu a gidan bulo da siminti, domin ginin ƙasa daga tushe yake jiƙa ya zauna, kuma yawanci da dare yake faɗowa a kan masu barci. Don haka ja a taswirar ya zama na gidan da ruwa ke shiga ɗakin kwana, ko ginin ƙasa da ruwa ke kwana a gindinsa. Ruwan ɗorawa na wanda ruwa ke tsayawa a tsakar gida ko zaure. Wani launi na uku na gidajen da suka tsira da ƙasa da santimita 20. Gidan da ba a samu shiga ba a bar shi fari, kada a shafa masa kore don a cike gurbi.

Akwai iyakar da wannan tsari ba ya wucewa. Hira tana kaiwa ne inda tunanin mazauna ya kai. Ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri a watan Satumba na 1994, bai sake yin irin haka ba sai 10 ga Satumba, 2024. Wanda ya yi hira a unguwannin bakin kogin Ngadda a 2023, ya tsaya kan matasa da sababbin zuwa, zai fito da taswira mai kwantar da hankali. Shi ya sa ake neman dattawan da suka fi kowa daɗewa a tambaye su ruwa mafi girma da suka taɓa gani ko suka ji daga iyayensu, a zana masa layinsa daban. Unguwar da ke bakin kogi ko ƙasan madatsa, kamar na Haɗejiya da ke karɓar ruwan Tiga da Challawa, ko na Yamai da kogin Kwara ya fasa wa jinga a 2020, tana buƙatar a ɗaure ƙusarta da ma'aunin kogin na hukuma, aikin da sai safiyo. Kuma ruwan kogi samansa a gangare yake, ba a shimfiɗa masa layi ɗaya kamar na tafki.

Kafin a ce an gama, a buga taswirar a babbar takarda a shimfiɗa ta a ƙofar gidan mai unguwa, a yi wani zaman daban da mata, a bar mutane su yi gardama a kanta. Za a sami gidan da aka ɗora a kan rufin maƙwabci, da rariyar da aka toshe bara. Wadda za a manna a fili ta nuna layuka da hanyoyin ruwa da wurin da za a fake kawai. Sunayen mutane da lambobin waya da bayanin inda marasa lafiya suke su tsaya a hannun kwamitin unguwa, domin taswirar da ta nuna gidan wane da jan launi tana iya karya masa farashi ko ta kore masa 'yan haya.

Awo da hira aikin rani ne, neman shati kuwa na makon da ruwa ya janye ne. Gwajin taswirar sai damina ta dawo. Kafin ruwan farko, a zaɓi turakun lantarki biyar ko shida a wuraren da suka fi kwari, a yi musu zanen fenti kowane santimita goma, a auna gindin kowanne daga ƙusar masallaci. A ba wani mai shago ko mai shayi da ke kusa amanar ɗaukar hoton turken duk lokacin da aka yi babban ruwa, daga nesa, ba tare da ya shiga ruwan ko ya taɓa turken ba, wayar za ta riƙe ranar da lokacin. Idan hotunan Agusta suka nuna ruwa a inda taswira ta ce, an samu abin dogaro. Idan suka saɓa, a bi sawun abin da ya canja tun bayan awon, a fara da kwalbati da duk wani sabon gini ko ciko da aka yi a kan hanyar ruwan.